Rahoton burtsatsen layinmu na 2024: bayanin tebura da zane-zanen da ke ciki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai unguwa, Malam Liman, iyayenmu dattawa da sauran ƴan kwamiti, ga kashi na uku na rahoton, wato inda lissafi yake. Bara da muka raba takarda mutane da yawa sun ce sun ga lambobi birjik amma ba su san ina za su sa ido ba, shi ya sa bana na zauna na bi kowane tebur da kowane zane ɗaya bayan ɗaya. Tebur biyu ne, zane uku. Duk lambobin daga littafin mai kula da famfo da rasiɗan da ke hannun ma'aji muka kwaso su, mun dai ɗan daidaita su zuwa ɗari-ɗari dan su yi sauƙin karantawa. Jarka ɗaya lita 25 ce, kuma ruwan masallaci da na islamiyya ba ya ciki tunda kyauta ake ba su.

Tebur na 1: jarkokin da aka sayar, kuɗinsu da kuɗin fetur, wata-wata

| Wata | Jarka | Kuɗin ruwa (naira) | Fetur (naira) |
|---|---|---|---|
| Janairu | 9,000 | 270,000 | 95,000 |
| Fabrairu | 9,600 | 288,000 | 105,000 |
| Maris | 13,200 | 396,000 | 160,000 |
| Afrilu | 14,500 | 435,000 | 185,000 |
| Mayu | 12,800 | 384,000 | 165,000 |
| Yuni | 8,400 | 252,000 | 100,000 |
| Yuli | 6,300 | 189,000 | 70,000 |
| Agusta | 4,100 | 123,000 | 50,000 |
| Satumba | 6,000 | 180,000 | 105,000 |
| Oktoba | 11,500 | 345,000 | 310,000 |
| Nuwamba | 8,200 | 410,000 | 170,000 |
| Disamba | 8,600 | 430,000 | 165,000 |
| Jimilla | 112,200 | 3,702,000 | 1,680,000 |

Ba sai kun bi duka layukan ba, na san wasu da gilashi ma da ƙyar suke gani. Ku fara ɗora yatsa kan Afrilu, sannan ku gangaro Disamba. Kuɗin kusan ɗaya ne, dubu biyar ce tsakaninsu, amma jarkokin Afrilu sun fi na Disamba da 5,900. Abin da ya faru shi ne daga 1 ga Nuwamba muka mayar da jarka naira 50 daga naira 30, to duk wanda ya ga 410,000 da 430,000 a ƙasan teburin ya ce kasuwa ta buɗe, gaskiya ba buɗewa ta yi ba, kuɗin ne muka ƙara, ruwan da ya fita a kowane ɗaya daga watannin biyu bai ma kai na Janairu ba lokacin da ake cikin sanyi kowa na gudun wanka.

Sai layi na uku da nake so a tsaya a kansa sosai, Oktoba. In ka duba jarka kawai sai ka ce wata ne mai albarka, 11,500, shi ne na huɗu a shekarar. Amma ku matsa zuwa gidan ƙarshe: fetur 310,000 daga cikin 345,000, saura 35,000 kenan, alhali albashin mai kula da famfo da mai gadi kaɗai 55,000 ne a wata. Kowa ya tuna ƙarshen Oktoban nan da wuta ta ɗauke a kusan duk Arewa fiye da mako guda, masu burtsatse da yawa suka rufe, kurayen ƴan garuwa suka dawo gunmu tun asuba layi har bakin shagon mai shayi, mu kuma janareto muke ta ba wa mai ba dare ba rana, a daidai lokacin da lita ta haura naira dubu. Mun yi ciniki, mun sha wahala, mun kuma ciko daga asusu. Ku kwatanta shi da Agusta wanda ido ke gani kamar shi ne mafi muni: jarka 4,100 kacal, amma bayan fetur an samu 73,000, ya biya albashi har da ɗan canji.

Yuni akwai abin lura ɗan kaɗan. Faɗuwar daga 12,800 zuwa 8,400 ba damina ce kaɗai ba, sumo ya ƙone mun yi kwana shida a rufe, ga Babbar Sallah ta faɗo 16 ga watan ƴan garuwa da yawa sun tafi gida, wasunsu daga can gona suka wuce ba mu sake ganinsu ba sai bayan kaka.

Zane na 1 shi ne mai layi biyu da ke hawa da sauka, yana shafi na 5. Watanni suna jere a ƙasa daga hagu zuwa dama. Shuɗin layi jarka ne, lambobinsa na gefen hagu, jan layi kuɗi ne, nasa lambobin na gefen dama. Wanda aka yi wa fotokwafi baƙi da fari, layin da ke ɗigo-ɗigo shi ne jan. Daga Janairu har Oktoba za ku ga layukan biyu suna tafiya tare kamar an ɗaure su, sun hau tudu a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya haɗu da azumi (an ɗauki azumi 11 ga Maris, aka yi Sallah 10 ga Afrilu), sun gangara rami a Agusta da ruwan sama ya fi yawa kowane gida ya tara a baho da duro, ga kuma dokar hana fita da aka sa farkon watan saboda zanga-zanga. Wurin da nake so ku kalla shi ne can ƙarshen dama, inda suka rabu, shuɗi ya yi ƙasa ja ya yi sama, bakin ya buɗe kamar almakashi. Ƙarin kuɗin jarka ne ya buɗe shi.

Kuma in faɗi gaskiya akwai kuskure nawa a zanen nan. Lambobin gefen hagu daga 4,000 suka fara maimakon sifiri, kwamfutar ce ta zaɓa ni kuma ban lura ba sai da aka gama bugawa, shi ya sa Agusta ya zauna a ƙasa tik kamar ba a sayar da ko jarka ɗaya ba. Ma'aji da ya gani sai da ya ce min "Sakatare, yaushe muka rufe wata guda ban sani ba?" Ba mu rufe ba. Agusta ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na Afrilu, ku riƙe hakan a rai in kuna kallo.

Zane na 2 da'ira ce da aka yanyanka kamar kankana, tana nuna inda naira 3,200,000 da muka kashe ta tafi. Ba sai an nuna muku babban yanki ba, ya cinye fiye da rabi, fetur ne, 1,680,000, kashi 52 da rabi cikin ɗari. Albashi na bi masa da 660,000, gyara 520,000, kuɗin wuta 240,000, sai wani ɗan siriri na 100,000 wanda ya haɗa da man juye, littafin rasiɗi, tiyo da kwan fitila. Yankin gyara kada ya tsorata kowa, 380,000 daga ciki sumon nan ne na Yuni da kuɗin masu fito da shi, abu ne na sau ɗaya in Allah ya yarda. Abin da zanen ba zai gaya muku ba shi ne lokaci, ya dunƙule shekara wuri guda, ba za ka gane a ciki cewa fetur ɗin watanni huɗun ƙarshe kaɗai 750,000 ba ne. Shi ya sa na ƙara na uku.

Zane na 3 sanduna ne goma sha biyu a tsaye, kowane wata da sandarsa, tsawonta na nuna naira nawa ta fetur muka ƙona kafin jarka ɗaya ta cika. Lissafin mai sauƙi ne, kuɗin fetur na Tebur na 1 aka raba da yawan jarka, duk mai kalkuleta a waya zai iya gwadawa. Na ja layi a kwance a kan naira 30, tsohon kuɗin jarka. Daga Janairu zuwa Agusta sandunan gajeru ne, tsakanin naira 10 da 13, kusan kansu ɗaya kamar yaran aji guda. Satumba ta miƙe zuwa 17 da rabi saboda ƙarin kuɗin mai da aka yi farkon watan, Oktoba kuwa 27, saura naira uku ta taɓo layin. To ku dubi biyun ƙarshe, 21 da 19. Wuta ta dawo amma sandunan ba su koma inda suke da ba, sun tsaya kusan ninkin Janairu, kuma ni a ganina wannan ya fi Oktoba tayar da hankali, dan Oktoba tsautsayi ne ya zo ya wuce, wannan kuwa zama ya yi. Masu cewa a dawo da jarka naira 30 saboda talaka, wallahi na fahimce su, gidana ma saya muke, amma dan Allah su kalli sandunan nan biyu tukuna su gaya mana daga naira tara ko sha ɗaya da za ta rage a jarka ta ina za a biya albashi da wuta da gyara.

Tebur na 2 gajere ne, yana shafi na 7, bashin da ke waje ne zuwa 31 ga Disamba. Mutum goma sha ɗaya, jimilla 64,000. Ban sa suna ba, lamba na ba kowa daga 1 zuwa 11, sunayen na gun Mai unguwa. Layuka ukun sama su ne maganar, su kaɗai 41,000 ce a kansu kuma duk sun wuce wata uku, sauran takwas ɗin ƙananan bashi ne na ƴan garuwa da ke biya duk Juma'a, ba abin damuwa ba ne. Wannan teburin ne ke warware wani abu da na san za a tambaya. In ka cire 3,200,000 daga 3,702,000 za ka samu 502,000, amma abin da shekarar ta bari a asusu 438,000 ne, ba ɓata sauran suka yi ba, Tebur na 1 ya ƙirga duk jarkar da ta fita ne ko an biya ko ba a biya ba, gibin 64,000 ɗin shi ne bashin nan cif.

Maganar sola da aka ɗaga a zaman da ya wuce, ban sa mata tebur ba da gangan, saboda mutum biyu kawai suka ba mu kiyasi kuma ɗaya a baki ya faɗa, ba zan rubuta lambar da ba ta da takarda ba. In na uku ya kawo nasa kafin zama zan buga su a takarda ɗaya in raba a wurin. Zaman ranar Lahadi ne bayan La'asar a ƙofar gidan Mai unguwa, a zo da rahoton a hannu dan da Zane na 3 za mu fara, kuma ma'aji zai taho da jakar rasiɗai ga duk mai son ya duba da idonsa.

Sakataren kwamiti