Barka da Sallah, kuma ina roƙon ku yafe mini

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Inna, Baffa, Goggo, Yaya Babba, ƙannena, da abokan arziki na Malumfashi da na nan Kano, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Ɗazu aka ba da sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, azumi ya tsaya a 29, gobe Lahadi take 1 ga Shawwal, 1446. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya jiƙan Baba da sauran magabatanmu, ya haskaka makwancinsu.

Saƙon nan yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Auta, don Allah ki zauna kusa da Inna ki karanta mata shi daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai don jin nauyina.

Kowace Sallah nakan turo muku ɗan hoton nan mai jinjirin wata da rubutun "wanda na ɓata wa ya yafe mini". Wani ne yake turo mini, ni ma in tura wa mutum ɗari a minti guda, in kwanta ina ganin na wanke kaina. Bana na kasa. A goman ƙarshe, wurin tafsiri, malam ya kawo hadisin nan na Muslim inda Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne matsiyaci. Ya ce shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, sai a yi ta ɗiban ladansa ana ba su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a ɗora masa. Na sha jin hadisin nan tun ina makarantar allo. Amma ranar, ana karantawa ina ganin fuskokinku ɗaya bayan ɗaya. Daren 27 ina cikin sahu ina maimaita "Allahumma innaka afuwwun tuhibbul afwa fa'fu anni", sai kunya ta kama ni, don na san abin da ke tsakanina da ku yana hannunku, kuma ban taɓa zuwa na roƙa ba.

To, ga ni na zo. Zan faɗi abin da na yi da sunansa.

Na farko gonar fadama. Tun da Baba ya rasu a ƙarshen 2019 take hannuna. Na ce a bari a yi arba'in sannan a yi maganar rabo, aka yi arba'in. Na ce a bari kullen korona ya wuce, ya wuce. Daga nan na daina cewa komai, ku ma kunya ta hana ku tambaya, ni kuma na fake da kunyar taku. Damina biyar aka noma ta, daga 2020 zuwa 2024, masarar tana shiga rumbuna, wata in sayar in zuba kuɗin a shago. Abin da nake aiko wa gida da azumi, buhu ɗaya ko biyu, nakan aiko shi da sunan kyauta, har a yi ta sa mini albarka. Naku ne nake tsakura muku.

Yaya Babba, akwai ranar da ba ta barin zuciyata. Kin zo Kantin Kwari da rana tsaka, kin sha hanya tun daga gida, kina neman kuɗin makarantar ɗanki. Na bar ki a kan benci ina ciniki da wasu 'yan Maraɗi har aka kira la'asar. Da na waiwayo, na zaro naira 5,000 na miƙa miki, na ce kasuwa babu ciniki. Kika karɓa da hannu biyu, kika ce Allah ya ƙara buɗi, ke da kika goya ni. A ranar haƙƙinki da ke wurina ya isa ya biya kuɗin nan har ya yi saura. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Yaya, ki yafe mini.

Shekaranjiya na ɗauki littafin da nake rubuta lissafin gona na kai wa wani malami masanin rabon gado. Bayan an cire kuɗin taki da na ƙwadago da na haya, abin da ya tsaya a shekaru biyar buhu 64 ne. Inna tana da tumuni, buhu 8. Sauran 56 aka kasa takwas: Yaya Babba 7, Auta 7, mu maza uku kowa 14. Buhunan da na riƙa aikowa ban sa su a lissafi ba, kuma ba zan sa ba. Buhu 30 suna nan a ajiye, Baffa zai karɓi makullin rumbun. Ragowar 20 da ake bi na zan biya a kan farashin ranar da na biya, kafin Babbar Sallah in Allah ya yarda. Littafin zan taho da shi, duk wanda yake son dubawa ya duba, in an ga kuskure a gyara a kaina. Ita kuma gonar, Baffa, ina roƙon ka sa rana a cikin Shawwal ɗin nan a kira malamai da mai unguwa a raba ta kafin ruwa ya sauka. Na cire hannuna.

Ƙanena mai bi mini, kai kaɗai ka yi ƙarfin halin tayar da maganar nan, ranar Sallar 2022 a zauren gida. Gaskiya ka faɗa. Na ce maka mara kunya a gaban yaranka, na ce idonka a kan abin duniya yake, alhali ni ne na danne abin duniyar. Daga ranar ban ƙara ɗaukar wayarka ba. Aka yi sunan 'yarka ban zo ba, ban aiko ba. Shari'a kwana uku ta yarje wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa, ni na kusa shekara uku, ina azumin Litinin da Alhamis, ranakun da hadisi ya ce ana jinkirta gafara ga mutum biyu masu gaba har sai sun shirya. Na kira ka jiya sau biyu ba ka ɗauka ba, kuma ban ga laifinka ba. Zan zo ƙofar gidanka da ƙafata.

Akwai magana guda da ita ce ta sa na rubuto inda kowa zai gani, maimakon in bi ku ɗaya-ɗaya. Baffa, ɗanka da ka ba ni amana ya zauna mini a shago bai saci komai ba. Ku ji da kyau, ku kuma faɗa wa duk wanda na taɓa faɗa wa akasin haka. Turmi biyu na atamfa suka ɓace, na tsare shi a gaban maƙwabtan shago, yana rantsuwa yana hawaye, na sa ya kwashe kayansa ya koma gida a ranar. Bayan mako biyu ana sauke dila, sai ga turmin biyu sun faɗa bayan kanta, ledarsu ko ɓarewa ba a yi ba. Na ɗauka, na karkaɗe ƙura, na mayar cikin kaya, na yi shiru. Shekara biyu ke nan yaron nan yana yawo da tabon da na shafa masa, har na ji an yi maganar a wurin neman aurensa. A bainar jama'a na ɓata shi, shi ya sa nake wanke shi a bainar jama'a. In an buɗe kasuwa zan tara maƙwabtan nan in faɗa musu da bakina, kuma in Baffa ya yarda zan je gidan da ya nemi auren in yi musu bayani. Albashinsa na watan da na riƙe na tura wa Baffa yau. Ƙanena, na zalunce ka. Ko ka yafe ko ba ka yafe ba, gaskiyarka ta fito.

Abokina na layin 'yan shadda, ka san kanka. Lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, da mutane ke kwana a layin banki, ka ƙirgo mini naira 300,000 a hannu ba takarda ba shaida. Na biya 180,000 na tsaya. Tun daga nan in zan je masallaci sai in zaga ta bayan layinku don kada mu haɗa ido. Kuɗin ya samu ba sau ɗaya ba, na yi wani abin da shi. Ɗazu bayan magariba na tura maka 120,000, ka duba. Na san abin da za ta saya a wancan lokaci ba za ta saya yau ba, wannan asarar ni na jawo maka, kuma za mu zauna a kanta.

Goggo, kin yi wata huɗu a kwance bara, tsakanina da ke tafiyar 'yan awoyi ce a mota, ban zo ba. Da kika warke kika kira ni, ke ce ma kike tambayata ya jikin yara. Ban samu abin cewa ba a lokacin, yanzu ma ba ni da shi, sai dai ki yafe wa ɗanki.

Maman yara, namu mun yi shi a ɗaki, ba na nan ba ne. Amma ina so dangi su sani kin sha gaya mini gaskiya a kan gonar nan ina yi miki tsawa. Duk wanda ya zarge ki da hannu a ciki ya janye.

Akwai waɗanda laifina gare su in na faɗe shi a nan zai tona abin da Allah ya rufa musu, su zan same su a keɓe. Akwai kuma abin da na manta, don mai yi yakan manta, wanda aka yi wa ne yake riƙewa. Wanda yake da irin wannan a kaina, na magana ko na kuɗi ko na wulaƙanci, ya kira ni ya faɗa mini. Na yi alkawarin zan saurara har ya gama ba tare da na kare kaina ba.

Ba na so albarkar ranar Sallah ta zama abin matsa wa kowa. Kada wani ya rubuto "na yafe" don ganin idon dangi alhali zuciyarsa tana ciwo. Wanda yake buƙatar lokaci ya ɗauka, haƙƙinsa ne, zan jira. Don Allah kuma kada a cika nan da yabo, a ce na yi abin kirki. Kayan mutane ne na mayar bayan na daɗe ina ci. Ni kuwa, duk wanda yake ganin ya taɓa yi mini wani abu, na yafe duniya da lahira.

Inna, ke na bari a ƙarshe don ke ce na fi jin nauyi. Kin ga komai. Kin ga 'ya'yanki sun daina cin tuwon Sallah a kwano ɗaya saboda ni, kika yi ta haɗiyewa kina addu'a. Duk zuwan da na yi gida kikan ce, "Ka dai ji tsoron Allah a kan 'yan'uwanka," in ce to, in shiga mota. Naki ba zai yiwu a rubuce ba.

Gobe in an sauko daga idi zan kamo hanya da yara, in Allah ya so kafin la'asar muna gida. Zan fara durƙusawa a ɗakin Inna, daga nan Baffa ya raka ni gidan ƙanena. Auta, ki ce wa Yaya Babba don Allah kada ta koma gidanta sai na iso.

Taƙabbalallahu minna wa minkum. A yi Sallah lafiya.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku na Kano,
daren Sallah ƙarama, 1446.