Sakin layin Hadiza, daga "na" zuwa "ta"

Ƙanwata, ga sakin layin yadda kika aiko shi, a bakin Hadiza:

"Ban runtsa ba a daren. Ina zaune bakin gado da wasiƙar a hannuna sai na ji motsin ƙofa. Yayata ce. Ta dube ni, na sunkuyar da kai, na tura takardar ƙarƙashin jakata. 'Me kike ɓoyewa?' in ji ta. Na ce mata, 'Ba komai, kaina ne ke ciwo.' Wallahi na so in faɗa mata gaskiya, amma bakina ya yi nauyi. Har yau ban san ko ta gani ba."

Ga shi kuma bayan na mayar da shi bakin mai ba da labari:

"Hadiza ba ta runtsa ba a daren. Tana zaune bakin gado da wasiƙar a hannunta sai ta ji motsin ƙofa. Yayarta Binta ce. Binta ta dube ta, ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta tura takardar ƙarƙashin jakarta. 'Me kike ɓoyewa?' in ji Binta. Hadiza ta ce, 'Ba komai, kaina ne ke ciwo.' Gaskiyar ta zo mata har baki, ta haɗiye. Binta ta ɗan tsaya tana kallon jakar, sannan ta ja ƙofa ta fita."

Sauya wakilin suna bai ba ni wuya ba: "ban" ta koma "ba ta", "ina" ta koma "tana". Ki dai lura da "jakata" da "jakarta", harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma ido kan tsallake shi.

Inda na daɗe shi ne wajen matan nan biyu. "Na" ba ruwanta da jinsi, ba ta kuma rikicewa da kowa. Amma da na rubuta "ta dube ta, ta sunkuyar da kai", sai ni kaina na rasa wa ya sunkuya. Dole ta sa na raɗa wa yayar suna, na kuma sako "ita kuwa". In Binta bai kwanta miki ba, ki canza.

Abin da suka faɗa da bakinsu ban taɓa ba, shi ya sa "kaina" yana nan.

Na cire "wallahi", don Hadiza ce ke da abin rantsewa a kai, mai ba da labari ba shi da shi. Jimlar ƙarshe kuwa na ji zafin rabuwa da ita. "Har yau" na nufin Hadiza tana nan tana tuna baya, yanzu kuma babu wannan muryar. Sai na bar Binta ta kalli jakar kawai, ban shiga zuciyarta ba, tunda a sauran labarin Hadiza kaɗai muke bi.

Ki gwada shafi na biyu da kanki, inda mahaifiyarsu take shigowa. A can mata uku ne a ɗaki ɗaya.