Shafi na Uku

Ranar Asabar da hantsi Malam Nura ya sauka daga adaidaita sahu a bakin kasuwar waya ta Farm Centre, da naira dubu 60 a aljihun gaba, kuɗin adashen da ya kwasa. Shekararsa biyu yana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Kano, kuma tsohuwar wayarsa ta kai sai an ɗaure ta da kyauro take kama caji. Sanarwar makaranta duk ta koma WhatsApp, shi kuwa sai dai ya ji a bakin abokan aiki.

Yaron shagon ya ɗora masa wayar a kan gilashi. "Malam, kuɗi hannu dubu 150. In kuma biya kaɗan-kaɗan kake so, ka ajiye dubu 45 ka tafi da ita yanzu. Sauran ba ma za ka ji fitarsu ba."

Ya miƙo takarda mai shafi huɗu, ya buɗe na ƙarshe, ya nuna layin sa hannu da bakin biro. Malam Nura ya karɓa, ya mayar da ita shafin farko, ya ja benci ya zauna.

Rubutun Turanci ne, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya riƙa bi da yatsa, layi bayan layi, yadda yake sa ɗalibansa su bi tambayar jarrabawa. Da ya iso wurin biya sai ya zaro littafin shirin darasi daga jaka, ya juya bayansa. Naira 6,500 duk mako, mako 26: dubu 169. Ya haɗa da kafin alƙalami, ya ja layi biyu a ƙarƙashin dubu 214.

"Ɗan'uwa, ƙarin dubu 64 ke nan."

"Ai haka tsarin yake, Malam. Kowa haka yake sa hannu." Yaron ya leƙa bayansa, inda mutum biyu ke jira.

Ƙarin bai tayar masa da hankali sosai ba, don ya san wanda ya sayi kaya bashi ba ya samun farashin kuɗi hannu, kuma ya taɓa jin malaminsu na Islamiyya ya ce in an yanke farashi ɗaya tun farko cinikin ya halatta. Shafi na uku ne ya tsayar da shi. In ranar biya ta wuce da awa 24, za a kulle wayar daga ofis, ba kira ba saƙo. Kowace ranar jinkiri kuma tarar naira 500. Can ƙasa, an ba kamfani izinin kiran lambobin da ke cikin wayar don neman kuɗinsa.

Ya tsaya a nan ya daɗe. Albashinsa sau ɗaya yake shigowa a wata, wani lokacin ma sai sabon wata ya kwana biyu. Makon ƙarshe kuwa, na garin kwaki da cin bashin mai shago ne. Ya hango wayar a kulle ranar da za a turo jadawalin jarrabawa. Ya hango an kira Hajiyarsa, ko shugaban makaranta, ana cewa Nura ya ci bashi. Kuma tarar nan, kuɗi ne ke haihuwar kuɗi saboda jinkiri, abin da tun yana yaro mahaifinsa ke kira da sunansa: riba. Shi ne kuma ya koya masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

"Ina maigidanka?"

Wani dattijo mai furfura a gemu ya fito daga ciki. Malam Nura ya gaishe shi, ya nuna masa wuraren uku da ya yi wa alama.

"Alhaji, ni ɗan albashi ne. Biyan mako ba zai yi mini ba, kuma ba zan sa hannu a kan tara ba, balle a kira mini uwa."

Alhajin ya dube shi, ya dubi lissafin da ke bayan littafin. "Malamin makaranta ne kai ko?" Ya buɗe durowa ya ɗauko wata takarda. "Akwai na wata-wata. Ka ajiye dubu 60, sai dubu 30 sau huɗu, ranar 5 ga kowane wata. Babu tara, ba a kiran kowa sai wanda ya tsaya maka. Amma kullewa tana nan, wannan ba a hannuna take ba."

Dubu 180. Malam Nura ya rubuta, ya cire daga 214, ya ga saura 34. Dubu 30 a wata za ta matse shi, ya sani, amma kwana biyar ɗin nan sun ba albashi sararin isowa.

Yaron ya sake miƙo biro. Malam Nura ya karɓi sabuwar takardar, ya koma kan benci.

"Malam, ita ma sai ka karanta?"

"Ita ma. Sallami bayin Allahn nan tukuna."

Ana kiran sallar azahar ya sa hannu, bayan Alhaji ya sa nasa. Ya nemi kwafinsa, ya ninke shi biyu, ya saka a tsakiyar littafin shirin darasi.