Bayani a Sauƙaƙe ga Manoma da Shugabannin Al'umma kan Gubar Afulatoksin a Masara da Gyaɗa

Zuwa ga masu girma dagatai da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da iyayenmu mata masu ɓarar gyaɗa da adana hatsi. Assalamu alaikum.

A taron da aka yi ranar Talata, masu bincike kan aikin gona sun haska mana shafuka 26 a majigi, cike da alƙaluma da zane-zane da kalmomin kimiyya, kuma da aka tashi da yawa daga cikinku sun nemi in mayar da abin da aka nuna cikin harshen da kowa zai fahimta, domin a karanta wa waɗanda ba su samu halarta ba. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, na bar abin da ya shafi ɗakin gwaji kawai, na ɗauko abin da ya shafi gona da rumbu da lafiyar iyali.

Shafukan farko sun yi magana ne a kan wata funfuna da ke zaune a cikin ƙasar noma, wadda aka rubuta sunanta a allo da Aspergillus flavus. Idan ta samu zafi da danshi takan kama masara da gyaɗa, ta kuma fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. Funfunar kanta wani lokaci ana ganin ta, kore-kore mai ratsin rawaya kamar gari a jikin ƙwaya, amma gubar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Saboda haka buhu na iya zama fes a ido alhali yana ɗauke da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne girki ba ya kashe ta: ko an dafa, ko an soya, ko an gasa, mafi yawan gubar tana nan yadda take, domin zafin tukunya bai kai ya lalata ta ba.

An fara gano wannan guba ne bayan abin da ya faru a Ingila a shekarar 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu bayan an ciyar da su tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. Misalin da ya fi kusa da halin manomi shi ne na gabashin Kenya a shekarar 2004, inda aka ƙirga mutum 317 da suka kamu da ciwo, 125 daga cikinsu suka rasu. Masarar da ta yi wannan ɓarna yawancinta ta gida ce, wadda mutane suka noma da hannunsu, ruwan sama ya same ta lokacin girbi, aka kuma adana ta ba ta gama bushewa ba.

Illar gubar iri biyu ce. Idan mutum ya ci mai yawa a ɗan lokaci, hanta ce ke lalacewa, sai a ga amai da ciwon ciki, idanu su yi rawaya kamar na mai shawara, kuma abin na iya kai wa ga mutuwa cikin kwanaki. Wannan bai cika faruwa ba. Wanda ya fi yawa shi ne cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba, kuma hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya afulatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na hanta. Haɗarin yana ninkuwa sosai ga wanda yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda hakan wani ƙarin dalili ne na kai jarirai rigakafin wannan ciwo. Game da yara, binciken da aka yi a ƙasashen Benin da Togo ya nuna cewa yaran da aka samu alamar gubar da yawa a jininsu sun fi sauran tsumburewa. Masu binciken sun yi taka-tsantsan a nan, suka ce alaƙa aka gani tsakanin abubuwan biyu, domin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya su ma suna hana yaro girma, ni ma kuma haka nake isar muku da maganar ba tare da ƙari ba.

Akwai haruffa uku da suka yi ta fitowa a allo, wato ppb, kuma na lura a nan ne aka bar mutane da yawa a baya. Ma'anarsu kashi ɗaya cikin biliyan. Amurka ta kafa iyakar ppb 20 a abincin mutane, Tarayyar Turai kuwa ppb 4 ta amince da shi a gyaɗar da za a ci kai tsaye. Domin a gane ƙanƙantar abin, ppb 20 daidai yake da giram ɗaya tak na guba a warwatse cikin buhu 500 masu nauyin kilo 100 kowanne. Wannan ne ya sa manyan masu saye da masu fitar da kaya waje ke gwada amfanin gona kafin su karɓa, kuma su mayar da kayan da manomi yake ganin babu abin da ya same su.

Wani zane da aka nuna ya bayyana dalilin da ya sa za a ɗebi samfuri biyu daga buhu ɗaya, a samu ɗaya da guba mai yawa, ɗaya kuma kusan babu. Gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba. Tana taruwa ne a cikin ƙwayoyi ƙalilan, galibi waɗanda suka fashe, ko suka yamushe, ko suka sauya launi, ko ƙwari suka huda. A ganina wannan shi ne labari mafi daɗi a duk shafukan, domin yana nufin tsincewa da hannu, aikin da iyayenmu mata suka ƙware a kai, tana rage gubar ƙwarai, ko da yake ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Matsalar tana farawa tun a gona. Shukar da fari ya galabaitar a ƙarshen damina, ko tsutsa ta huda goyonta, ita funfuna ta fi samun hanyar shiga. Don haka shuka a kan lokaci, da irin da ya dace da tsawon daminar yanki, da kula da ciyawa da ƙwari, duk suna cikin rigakafi. An kuma yi bayanin wani magani mai suna Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta samar tare da abokan aikinta. Ƙwayar dawa ce da aka kashe ƙarfin tsirarta, aka shafe ta da wani jinsi na wannan funfuna wanda ba ya fitar da guba, aka rina ta shuɗi domin kada a ɗauke ta abinci. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima, sai funfunar marar guba ta riga mai gubar mamaye gonar. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma sun nuna raguwar guba da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ba taki ba ne, ba ya kuma kashe ƙwari, kuma wanda ya watsa shi ya yi sakaci da shanya ya ɓata rabin aikinsa.

Shanya ita ce inda nake roƙon a fi mayar da hankali, domin 'yan makonnin da ke tsakanin girbi da zubawa a rumbu su ne ke yanke hukunci. A girbe amfani da zarar ya nuna, kada a bar shi a tsaye ruwan ƙarshe yana dukan sa. Wajen cirar gyaɗa a kiyaye fartanya kada ta fasa kwanso, a kuma kife ta 'ya'yan suna kallon sama domin iska da rana su ratsa su. Kada a shanya masara ko gyaɗa a kan ƙasa tsirara, tunda a cikin ƙasar funfunar take. A shimfiɗa tampol ko tabarma, ko a yi amfani da daɓen siminti, a baza da faɗi, a riƙa juyawa, a kwashe ko a rufe da yamma saboda raɓa. Tara amfani mai danshi tsibi guda, ko ɗure shi a buhu da niyyar a ƙarasa shanya gobe, yana haɗa wa funfuna zafi da laimar da take nema. Haka nan yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi sauƙin ɓarewa yana mayar da aikin shanya baya, kuma ina roƙon a daina.

Ma'aunin da masu binciken suka bayar shi ne danshin masara ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka, na gyaɗa kuwa zuwa kashi 7 ko 8. Wanda ba shi da na'urar auna danshi zai iya gwada masara da kwalba da gishiri. A samu busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, a zuba ƙwayar masara wajen sulusin kwalbar, a ƙara gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar tana buƙatar ƙarin rana.

Wajen ajiya, a share rumbu ko ɗaki, a toshe inda yake yoyo, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, kada kuma a haɗa sabon amfani da ragowar na bara. Buhunan nan masu leda a ciki da ba sa barin iska ta shiga suna kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma busasshen hatsi kaɗai ake zuba musu.

Saura tambayar da wani dattijo ya yi a taron, wadda lokaci bai bari aka amsa ta sosai ba: me za a yi da abin da aka tsince? Na san ba abu ne mai sauƙi ba a ce wa mutum ya zubar da abin da ya sha wahala a kansa, kuma abin da aka saba shi ne a sayar da mai kyau, a ci na biyu a gida, a ba kaji da dabbobi na ƙarshe. Sai dai wannan tsari yana tattara gubar ne ya kai ta bakin iyalin manomi. Saniya ko akuyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani kaso na gubar a cikin nononta, kaji kuma sukan rage girma da ƙwai, wasu su mutu. Ƙwayoyin da suka yi funfuna a fili a ƙone su ko a binne su da zurfi inda dabba ba za ta tono ba, kuma kada a niƙa su cikin abincin yara ko na mai ciki ko mai shayarwa.

Daga shugabanni abu uku nake nema kafin girbin bana. A karanta wannan takarda a taron kowace unguwa, a kuma tabbatar ta isa ga mata a cikin gida. A keɓe fili mai tsabta na shanya inda dabbobi ba sa ratsawa, ƙungiyoyi kuma su duba yiwuwar haɗa hannu su sayi tampol da na'urar auna danshi guda ɗaya da za a riƙa karɓa-karɓa. Ranar Asabar ta makon gobe, da ƙarfe goma na safe, zan kasance a filin makarantar firamare domin nuna gwajin kwalba da gishiri da yadda ake ɗaure buhu marar shigar iska, kuma ina roƙon duk mai zuwa ya taho da ɗan cikin hannu na masarar da ke rumbunsa domin mu gwada tare.

Naku,
Malamin gona na yankinku