Ilu da Taguwar Madugu

Ga ta nan, ga ta nanku.

A zamanin da fatake ke keta hamada da raƙuma, akwai wani yaro a Kano mai suna Ilu, ɗan shekara 12. Kawunsa madugu ne. Duk kaka sai ya ɗaura wa raƙuma gero da turkuɗi, ya ja ayari zuwa Bilma sayen gishiri. Ilu ya yi ta naci har ranar da kawun ya ce, "To, ɗauko salkarka."

Suka fita ta Ƙofar Mazugal, suka bi ta Damagaram har Agadas. A nan aka cika salkuna, aka ɗaure dammunan ciyawa, don gaba babu ko ganye ɗaya. Aka damƙa wa Ilu akalar wata tsohuwar taguwa, Goshi, wadda kullum ita ce ta ƙarshe a layi. Ilu ya ɓata rai, shi amale yake so.

"Kada ka raina ta," in ji Kawu. "Ta san hanyar nan tun ba a haife ka ba. In ka ɓace, kada ka ja ta. Bar ta ta ja ka."

Suka shiga hamadar Tenere. Rairayi gabas, rairayi yamma. Da rana zafi kamar bakin murhu, da dare sanyi har haƙora na kaɗawa. Abincinsu gumba da dabino, ruwa kuwa kurɓi-kurɓi. Jagaba yana duban taurari, ayari yana biye.

Ran nan da la'asar sama ta yi ja wur. Iska ta taso da yashi, har Ilu bai iya ganin hannunsa. Ya rufe fuska da rawani, ya ƙanƙame wuyan Goshi. Da ƙura ta lafa, igiyar da ta haɗa su da ayari ta tsinke. Ba kowa, ba ko sawu.

"Kawu! Kawu!" Shiru.

Ilu ya fashe da kuka. Ya ja akala dama, Goshi ta turje. Ya sake ja, ta yi gurnani. Can sai maganar Kawu ta faɗo masa. Ya hau, ya saki akala, ya ce, "Goshi, yi haƙuri. Kai mu."

Ta ɗaga hanci, ta shaƙi iska, ta juya hagu. Suka kwana tafiya, Ilu na gyangyaɗi, yana lasar ɗan ruwan da ya rage. Gamzaki na fitowa ya hango kawunan itatuwan dabino da hayaƙin wuta. Zangon Fachi ne!

Kawu ya sheƙo a guje ya rungume shi. "Ɗana, wa ya nuna maka hanya?"

Ilu ya kwance ƙullin dabinonsa, ya zaɓi mafi girma, ya miƙa wa Goshi a baki.

Ƙurunƙus!