Wasiƙa zuwa ga maƙwabcina Alhaji Sani a kan ƙarar inji da dare

Rijiyar Zaki, Kano
Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya kuma muka ji da wannan zafi? Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Na so in same ka mu yi maganar nan baki da baki, to kai ba ka dawowa daga Kwari sai bayan isha'i, a masallaci kuma kullum akwai mutane, ba na son wani ya ji ya ɗauka ƙara na kawo. Shi ya sa na ba Usman takardar nan ya miƙa maka hannu da hannu.

Maganar injin wuta ce. Tun bayan ƙaramar sallah da aka mayar da shi lungun da ke tsakanin katangarmu, ya zamana yana daidai tagar ɗakin Hajiya, mahaifiyata. Na tabbata ba ka san haka ba, domin daga cikin gidanka ba lallai a ji shi yadda muke ji ba. Lungun matsattse ne, ƙarar ba ta da wurin fita sai ta dawo ta bugi bango da kwanon rufi. Shekaranjiya wajen ƙarfe biyun dare na leƙa ɗakinta, na tarar da ita zaune a kan darduma tana jan carbi, murfin kwanon shanta da ke kan taga sai kaɗawa yake shi kaɗai. Ta rufe tagar saboda hayaƙi, ɗakin ya zama kamar tanda. Da na ce zan yi maka magana sai ta ce, "Kai dai bar su, su ma zafi ne ya dame su." Ka san halinta. Amma tana fama da hawan jini, a asibiti kuma sun ja mana kunne a kan ta riƙa samun isasshen barci.

Ban rubuto don in ce ka daina tayar da inji ba, wallahi. Na san da ƙananan yara a gidan, na kuma san Maman Khalifa na sana'ar ƙanƙara da zoɓo, dole firiza ta yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba wanda ke ƙona fetur don nishaɗi. Mu kanmu sau nawa yarana suka kawo wayoyi caji gidanka, ba a taɓa ɗaure musu fuska ba.

Alfarmar da nake nema ita ce a ɗauke shi daga lungun a mayar da shi can gaba wajen ƙofar gida, inda yake a da, bakin salansar ya kalli titi. In tsoron ɓarayi ne ya sa aka dawo da shi baya, akwai mai walda a bakin layinmu da zai iya yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo, a bar shi a buɗe iska na shiga. Kada dai a sa shi a zaure ko a ɗaki don saboda mu, hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci, gara ƙarar sau dubu da wannan. A ƙarƙashinsa kuma in aka shimfiɗa tsohuwar taya da katako, girgizar na raguwa sosai. Ina da taya biyu a ajiye, sai Usman ya kawo. Ni ba bakanike ba ne, amma kunnena na ba ni kamar salansar ta kwance ko ta huje, don muryarsa ta canza daga yadda na san ta bara. Kuɗin kejin da na gyaran, mu raba biyu, kada ka ji nauyin komai.

Idan kuma zai yiwu a riƙa kashe shi wajen sha biyun dare a sake tayarwa bayan asuba, to ka gama mana komai. Firiza in ta yi ƙanƙara ba a buɗe ta ba tana kai wa safe. Amma wannan na bar maka, kai ka san lalurar gidanka. Daren da aka yi baƙi ko wani ba shi da lafiya, ba sai an tambaye mu ba.

Ni ma na san ba a rasa abin da muke yi da ke damunku, ko ruwan kwatarmu da ke bi ta ƙofarka, ko ƙwallon yara da ke faɗawa gidanka. Don Allah ka faɗa mini kai tsaye, zan gyara.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina gida. In kana da sarari ka aiko yaro, sai in fito mu duba wurin tare, in kira mai waldar ya auna.

A gaishe da Maman Khalifa da yara. Hajiya ma tana gaishe ka, ba ta dai san na rubuto ba.

Naka maƙwabci,
Malam Habu