Taƙaitaccen bayanin zaman ƙungiyarmu ta manoman shinkafa kan taki, bashi da ruwan rani

Assalamu alaikum. Ga abin da aka tattauna a zamanmu na ranar Asabar bayan La'asar, a firamaren da muka saba haɗuwa a Kura. An ɗauki sautin zaman a waya, ɗaya daga cikin matasanmu ya rubuta shi kalma da kalma, ni kuma daga wannan rubutun na tsamo bayanin nan. Baƙinmu biyu, malamin gona da jami'ar banki, sun yi ta haɗa Hausa da Turanci, kuma kusan duk lissafin da suka yi da Turanci suka yi shi. Don haka na mayar da komai Hausa, domin wanda bai zo ba, da wanda ya zo amma wani sashe ya wuce shi. Gaisuwa da barkwanci na bar su. Inda abin da aka faɗa da Turanci ya saɓa da na Hausa, na koma wurin mai maganar na tambaye shi, kuma na nuna wurin.

Shugaba ya buɗe zaman da addu'a, ya ce abu uku ne a gabanmu: takin noman rani, bashin da banki ya yi mana tayi, da gyaran magudanar ruwa.

Malamin gona ne ya fara. Ya ce duk wanda zai shuka Faro 44, wadda muke kira Sipi, ya yi dashe tun irin yana sati uku a gadonsa, kada ya bari ya tsufa, ya kuma bar tazarar santimita 20 tsakanin gindi da gindi. Shawararsa kan taki ita ce buhu 4 na kamfa lokacin dashe, sai buhu 2 na yuriya a raba gida biyu, rabi idan shinkafa ta fara 'ya'ya, rabi idan ta kusa ɗaukar ciki. Kowane buhu kilo 50 ne. Ya ce kada a watsa yuriya alhali ruwa na gudu a fangali, domin ruwan zai kwashe ta ya kai wa maƙwabci.

Wurin da nake so kowa ya natsu shi ne ma'aunin gonar. Da malamin ya faɗi wannan adadi da Turanci, hekta ya ce. Da ya juyo Hausa yana amsa tambayar wani dattijonmu, sai ya ce "a kowace eka". Na ga mutane suna gyaɗa kai, kowa da gonar da yake aunawa a ransa. Na kira shi a waya washegari, ya tabbatar cewa hekta yake nufi. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi ke nan. Ashe mai eka ɗaya kamfa kilo 80 ne rabonsa, wato buhu ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya, yuriya kuma kilo 40, bai ma cika buhu ba. Wanda ya zuba buhu 4 a eka ɗaya ya ninka taki fiye da sau biyu, kuma a cewar malamin shinkafar za ta yi ganye ta kwanta. A tsadar takin bana, ba kuskuren da za a yi wasa da shi ba ne.

Daga nan jami'ar banki ta karɓa, kuma nata bayanin ya fi na kowa Turanci. Gundarinsa shi ne: bankin ba zai ba kowa tsabar kuɗi ba, kaya zai bayar, iri da taki da maganin ciyawa, na kimanin naira 200,000 ga kowane manomi. Za a haɗa mutum biyar-biyar su tsaya wa juna, idan ɗaya ya gaza sauran huɗun ne za su biya. Kowa zai kawo lambar BVN da ta NIN, da shaidar mai unguwa cewa gonar tana hannunsa. Biya kuwa bayan girbi ne, cikin wata shida.

Kuɗin ruwan ta ce kashi 18 cikin ɗari ne. Kalmar da ke nuna cewa a shekara ne da Turanci ta faɗe ta, sau ɗaya, cikin sauri, ba ta kuma maimaita da Hausa ba. Shi ya sa Ma'aji ya lissafa naira 36,000 a kan 200,000, aka yi ta hayaniya. Na tambaye ta bayan an tashi, ta ce na shekara ne, don haka na wata shida naira 18,000 ne, jimilla 218,000. Ta kuma ambaci kuɗin cike takarda da na inshora, amma ba ta faɗi nawa ba ne. Na roƙe ta ta aiko mana a rubuce, kuma a ganina kada kowa ya sa hannu kafin takardar ta iso.

Limamin unguwa, wanda shi ma mamba ne, ya ce: "Ranki ya daɗe, ko kashi 18 ne ko kashi ɗaya, sunansa riba." Ya tambaya ko bankin zai yarda ya sayi kayan ya sayar mana da ƙayyadadden farashi zuwa lokacin girbi, irin cinikin murabaha da bankunan Musulunci ke yi. Ta ce ba ta da ikon amsawa sai ta kai sama. Wani dattijo ya tuna wa mutane bashin manoman shinkafa da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya ce mutane da yawa sun ɗauke shi kyautar gwamnati, sai da lokacin biya ya zo ido ya raina fata. Ba a yanke hukunci kan bashin ba.

Hajiya, wakiliyar mata masu turara shinkafa, ta ce su ba taki suke nema ba, jarin sayen shanshera lokacin kaka suke so, kafin 'yan kasuwa su kwashe ta farashi ya tashi. Jami'ar ta ce wannan wani tsari ne daban, za ta zo musu zama na musamman.

Batun ruwa bai ɗauki lokaci ba, kuma da Hausa zalla aka yi shi. Ruwan da muke samu daga madatsar Tiga yake zuwa, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da babbar magudana, amma ƙananan da ke shiga gonaki namu ne mu share. Masu gonakin ƙarshen layi sun koka cewa ciyawa da laka sun toshe hanya, na sama kuma suna tare ruwa da dare. An ɗan ɗaga murya, Shugaba ya kwantar.

An amince da aikin gayya ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar Asuba, kowa ya zo da shebur ko lauje, wanda bai zo ba kuma bai aiko wakili ba zai biya tarar naira 2,000. Ma'aji zai tattara sunayen masu son taki, kowa ya faɗi girman gonarsa da eka, shi zai mayar da lissafin hekta. Shugaba da Liman za su je banki su jiyo amsa kan murabaha, su taho da takardar sharuɗɗa.

Akwai wuri ɗaya, wajen minti biyu, da ƙarar babur ta rufe muryar malamin gona yana magana kan maganin tsutsar da ke huda karan shinkafa. Sunan maganin bai fito ba, ni kuma ban so in rubuta da ka. Ya yi alkawarin kawo kwalbar a zama na gaba, Asabar ta sama, a wuri ɗaya bayan La'asar. Wanda ya ga an rubuta maganarsa ba yadda ya faɗa ba, ya same ni kafin ranar in gyara.

Magatakardan ƙungiya